Naman akuya a miyar Juma'a

Na yi shekaru ina shugabantar masu kai abinci a wani restoran da ke bakin babbar hanya a Dogon Dutsi. Gidan na wata Hajiya ne, ƴar kasuwa mai rumbun albasa, wadda ba ta cika zama wurin ba sai ranar Juma'a, ranar da kasuwar garin ke ci. Madafa kuwa tana hannun ƙanwarta, wadda dukanmu muke kira Inna. Inna ta iya girki, wannan ba zan hana mata ba ko yau da nake jin haushinta. Idan ta yi dambu da kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, direbobin manyan motoci har layi suke yi.

Kafin in zo wurin na taɓa aiki a wani otel a Yamai, shi ya sa Hajiya ta ce in koya wa masu kai abinci yadda ake magana da kiliya, wato masu zuwa cin abinci. Lokacin nan in mutum ya tambayi abin da aka dafa, sai a ce masa "akwai abinci", in ya tambayi yaji a ce "daidai ne". Na zauna na rubuta abin da na sani a takarda, da Hausa, na manna ta a bango kusa da ƙofar madafa. Waɗanda ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, nakan karanta musu har su riƙe.

Ba wani abu mai wuya ba ne a ciki. Kowace safiya, kafin a buɗe, mukan taru gaban tukwane, Inna ta faɗi abincin ranar da duk abin da ta zuba, kowa ya ɗanɗana da cokalinsa. Idan ka je gaban mutum, ka fara da babban abin, shinkafa ce ko dambu ko tuwon hatsi, sannan miyar, sannan naman da irin dabbar, ka tsaya nan, kada ka cika shi da surutu. Kan yaji na fi tsanantawa. Na hana kalmar "daidai", don daidai ɗin mutumin Kore Mairuwa da ya tashi da tonka, wato barkono, a baki ba shi ne daidai ɗin malamin da gyambon ciki ke damu ba. Na ce a faɗa wa mutum ko tonkar cikin tukunya take ko a gefe ake kawo ta, domin wadda ta riga ta dahu cikin miya ba ta fita, kuma kada wanda ya yi alkawarin za a rage. In mutum yana shakka, a kawo masa miyar a cokali ya taɓa. Gujiya, wato gyaɗa, busasshen kifi, daddawa, man shanu da magi, waɗannan a ambata su da zarar an tambaya. A ƙasan takardar na rubuta abin da na fi maimaita musu: idan mutum ya ce akwai abin da ba ya ci, kada ka tambaye shi dalili, kuma ko ka ji bayani da safe, koma madafa ka sake tambaya, don tukunya tana canzawa da rana.

Wadda ta fi kowa riƙe wannan wata mata ce daga Dogon Kiriya, bazawara mai ƴaƴa biyu, da muke ce wa Bafillata. Iyayenta makiyaya ne. Tana jin Fulatanci kamar yadda take jin Hausa, saboda haka ranar kasuwa duk masu dabbobi rumfarta suke nema. Mutane ne da ba su saba cin abincin gari ba, da yawa gara su wuni da fura da su ci abin da ba su san hannun da ya dafa ba. Ita ta jawo su da kaɗan-kaɗan. Takan durƙusa gefen tabarma ta faɗa musu abin da ke tukunya tiryan-tiryan, in miya ta yi tonka ta ce ta yi, in akwai kifi ta ce akwai. Har wata rana na ji ta hana wani tsoho sayen abincin ranar, ta ce ba zai iya da zafinsa ba, ya ci shinkafa da wake da mai. Hajiya tana jin daɗin yawan mutanen, amma ban taɓa jin ta tambayi abin da ya kawo su ba.

Wata Juma'a, ana saura makonni kaɗan babbar salla, abincin ranar shinkafa ce da miyar tumatir da naman rago. Da safe Inna ta faɗa mana haka, muka ɗanɗana. Tonka kaɗan ce a ciki, akwai citta da kanumfari da tafarnuwa, babu gujiya, babu kifi. Kasuwar dabbobi ta cika ranar, ga kuma motocin fasinja biyu da suka tsaya a jere kafin azahar. Ina ta kai da kawo tsakanin ɗaki da rumfa, ban san abin da ke gudana bayan madafa ba. Daga baya ne na ji cewa naman ya kusa ƙarewa, Inna ta aika wurin mahauci, ya ce rago ya ƙare sai akuya, ta ce ya kawo. Ta yanka shi ƙanana, ta tafasa, ta juye cikin sauran miyar.

Ni ban ga laifi a nan ba. Nama yakan ƙare, akan sake shi. Abin da ake bukata kawai ta leƙo ta ce mana tukunya ta canza.

Bayan an sauko daga masallaci wani dattijo ya shigo rumfa tare da ƴaƴansa biyu manya. Dogo ne, siriri, da rawani shuɗi da sanda a kafaɗa. Bafillata tana ganinsa ta ajiye tire ta je ta durƙusa. Kawunta ne, yayan mahaifiyarta, ya kawo raguna kasuwa. Bai taɓa cin abinci a gidanmu ba. Ƴaƴan ne suka lallashe shi, suka ce ai ɗiyar ƙanwarsa ce ke kawowa.

Ta faɗa masa abincin ranar yadda muka koya. Ya saurara, sannan ya ce da Hausa, ina jinsa daga inda nake goge tebur:

"Ɗiyata, kin san gidanmu. Naman mi ne?"

"Na rago ne, Kawu. Amma bari in koma in sake tambaya."

Gidansu ba sa cin akuya. Suna kiwonta, suna sayar da ita, amma ba sa kai namanta baki. Haka suka gada, suna cewa yana tayar musu da ciwon fata. Shi wannan dattijo, da furfurarsa, bai taɓa ci ba da saninsa.

Na bi bayanta zuwa madafa don in ɗauko kwanuka, saboda haka a gabana aka yi. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce:

"Inna, naman miyar nan har yanzu ragon safe ne? Kawuna ne ya zo, ba ya cin akuya."

Inna tana juya tukunya, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Rago ne. Ɗauki ki kai, mutane na jira."

Ta ɗauka ta kai. Ta ce masa ta tambaya, rago ne. Ya yi bisimilla ya ci. Naman ya dahu lugub cikin tumatir da kayan ƙamshi, ya gauraya da ragon da ya rage, kuma mutumin da bai san ɗanɗanon akuya ba ta ina zai gane? Har ya yaba, ya ce ashe mutanen gari ma sun iya miya.

Yana wanke hannu sai ga mahaucin ya biyo ta gaban rumfa a kan babur. Bai ko sauka ba, ya ɗaga murya yadda mahauta ke yi, ya ce:

"Inna, cinyar akuyar nan ta isa, ko in ƙaro?"

Kowa a rumfar ya ji. Dattijon ya tsaya da buta a hannu. Ya dubi kwanon da ya cinye, ya dubi Bafillata. Ya miƙe, ya zaga bayan katanga inda muke zubar da ruwan wanke-wanke, muka ji yana ƙoƙarin amayar da abin da ya ci. Babban mutum, mai garke, mai jikoki, ya tsuguna a wurin da kaji ke tono, ya sa yatsa a maƙogwaro, mutanen kasuwa suna ji. Ƴaƴansa suka tsaya suka kare shi da rigunansu.

Da ya dawo, ya kurkure baki, ya gyara rawani. Bafillata tana durƙushe a gabansa. Ya ce mata a hankali:

"Da ban ga fuskarki ba, da ban zauna ba."

Abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki sandarsa. Ɗansa babba ne ya tsaya yana faɗa, yana tambayar wa ke da gidan. Masu dabbobin da ke rumfar suka fara ture kwanukansu.

Nan Hajiya ta fito daga ɗaki. Na ɗauka za ta kira Inna. Na ga ta leƙa madafa, sun yi ƙus-ƙus, ta fito. Sai ta tsaya tsakiyar rumfa ta nuna Bafillata da yatsa.

"Ke, sau nawa za a faɗa muku ku riƙa tambaya? Ga takarda nan a bango, an rubuta muku. Kin ɗauki abinci kin kai ba ki tambaya ba, kin ja mana abin kunya. Ku yi haƙuri, bayin Allah, laifin ma'aikaciya ne."

Ban san lokacin da na ajiye kwanukan hannuna ba. Takardar da na rubuta don kada a cuci kowa, ita aka ɗauko aka doki wadda ta fi kowa bin ta. Na ce:

"Hajiya, ta tambaya. Ina tsaye. Ta ce kawunta ba ya cin akuya, Inna ta ce rago ne."

Hajiya ta juyo ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Wa ya sa bakinki?"

"Ni na koya mata ta tambaya, kuma ta tambaya. Ba zan tsaya a ce ba ta yi ba."

Ta ce in shiga ciki. Ban shiga ba sai da ɗan dattijon ya dube ni ya gyaɗa kai, ya juya ya bi mahaifinsa.

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, Hajiya ta tara mu a bayan madafa. Inna tana zaune kan turmi tana tsinke zogalen gobe, kamar ba da ita ake ba. Hajiya ta ce na tozarta ƙanwarta gaban baƙi. Na ce ƙanwarta ce ta tozarta dattijo. Sai Inna ta ɗago ta ce:

"To mi ya same shi? Akuya haram ce? Da mahaucin nan bai buɗe baki ba, da ya tafi gida lafiya lau yana yabon miyata."

Wannan maganar ce har yau take ci mini rai. Ba wanda ya ce akuya haram ce. Ni kaina ina ci. Ko tana tayar da ciwon fata ko ba ta tayarwa, ban sani ba, kuma ba aikina ba ne in sani. Mutum ya ce ga abin da ba ya ci, ya tambaya, an sake tambaya dominsa. Cikinsa ne. Da an ce masa akuya ce, da shinkafa da wake zai ci, ko ya sha fura ya tashi, babu abin da zai ragu a gidan. Inna ta san haka. Ganin tukunya cike da layin mutane ne ya sa ta ga tsayawa yin bayani ɓata lokaci ne, kuma a ranta tana ganin al'adar mutanen daji ce, ba abin da za a kula da shi ba. Da wani babban ma'aikaci ne daga ofishin farfe, shugaban gundumar, ya aiko cewa likita ya hana shi gujiya, da da kanta za ta fito ta lissafa masa abin da ke tukunya. Na sha ganin ta yi.

Na faɗa mata haka. Ta ce in iya bakina.

Washegari na tarar an cire takardata daga bango. Hajiya ta kira ni ta ce in rubuta sabuwa. Daga yau, in ji ta, ba a faɗin irin dabba, a ce "miyar nama" kawai. In an tambayi yaji a ce daidai ne. Kuma a daina yawan komawa madafa ana damun mai girki, abin da aka faɗa da safe ya isa. A ganinta yawan bayanin ne ya jawo rigimar. In ba ka ce rago ba, ba wanda zai kama ka da akuya.

Na ce ba zan rubuta ba. Ta ce ai ba ni kaɗai na yi lakwal ba. Ɗanta ya rubuta mata da Faransanci, aka manna, harshen da rabin masu kai abincin ba sa karantawa. Taron safe kuma aka ce Inna ce za ta riƙa yi ita kaɗai. Cikin ɗan lokaci ya koma ta ɗaga murfi ta ce "ga shi nan", ta rufe.

Bafillata ta nemi izini ta tafi Dogon Kiriya. Ta shiga motar kasuwa, daga inda mota ta tsaya ta ƙarasa rugar a amalanke. Da ta dawo na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce Kawu ya karɓe ta, ya ce ɗansa ya faɗa masa abin da na ce, ya san ba ita ba ce. Amma labarin ya riga ta isa, kuma a bakin mata ya zama ita ce ta ciyar da kawunta akuya don ta sayar da abincin uwargijiyarta. Ga shi kuma dattijon ya yi kwanaki yana susa, ko daga naman ne ko daga damuwa ko daga zafin bazara, Allah ne masani, amma a rugar ba mai shakka. Mahaifiyarta ta yi kuka, ta ce ta bar aikin nan. Ita kuma Bafillata ta ce ba za ta iya bari ba, yaranta suna lakwal a gari.

Ta ci gaba da aiki, amma ba ta ƙara cewa komai da bakinta a kan tukunya ba. In makiyayi ya tambaye ta naman mi ne, sai ta ce: "Ban sani ba, Baffa. Ban ga yankan ba." In an tambayi tonka ta kawo cokali ta ce a taɓa. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ba ta kuma bi takardar Hajiya ba. Masu dabbobi suka fahimta. Wasu suka koma shinkafa da wake, wasu suka daina zuwa. Gidan bai rufe ba, kada in yi ƙari. Motoci suna tsayawa, fasinjan da ba zai sake biyowa ba yana cin abin da aka ba shi, ya sha ruwa, ya yi tsaki, ya hau mota.

Hajiya ta lura da wannan "ban sani ba". Ta ce mai kai abincin da ba ta san abinci ba ba ta da amfani, ta sallame ta kafin damina. Na je na sami Hajiya a ɗaki na ce wannan zalunci ne a kan zalunci. Ta ce in ina so in bi ta, ƙofa a buɗe take. Na ƙarasa watan na bar gidan. Yanzu ina dafa wa wata makarantar kwana abinci. Bafillata kuwa tana dama fura kusa da kasuwar dabbobi, mukan haɗu jefi-jefi.

Bara aka yi suna a unguwarmu, gidan wani ɗan'uwan Hajiya, na je barka. Mata sun cika tsakar gida ana rabon nama, Inna tana kan tukunya kamar kullum. Wata ta tambaya ko ragon suna ne wannan ko an ƙara da wani. Sai Inna ta yi dariya ta ce wannan ya tuna mata wani tsohon Bafillace da ya cinye kwano guda na akuya yana santi, da ya ji sunanta ya ruga bayan katanga. Har tana kwaikwayon yadda ya sa yatsa a baki. Mata suka fashe da dariya, don ba su san sauran labarin ba.

Na ce: "Inna, ki ƙarasa musu. Ki faɗa musu wadda aka tambaya ta ce rago ne, da wadda aka kora."

Dariyar ta tsaya. Inna ta ce ashe har yanzu ban manta ba, abin da ya wuce shekara da shekaru. Wata tsohuwa ta ja zanena ta ce in zauna, gidan suna ne, ba wurin tone-tone ba. Na ce na sani, Iya. Na shiga ɗaki na yi wa mai jego barka, na ɗauki jaririn na yi masa addu'a, na fito na sa takalmina. An biyo ni da kwanon nama har zaure, na ce a kai wa yara.